Tablo ya ce akwai kuɗi ƙarshen wata, to ina suke shiga a tsakiya?

Sani Mai Shinkafa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman wanda zai duba min wani lissafi. Shagona na kayan abinci yana babbar kasuwar Maradi, sari da ɗai-ɗai: shinkafa, sukari, mai, taliya. Ɗan yayata Abdul-Azizu ya yi min tablo na shigar kuɗi da fitarsu na wata biyu masu zuwa, saboda azumi ya rage sati huɗu. Duk lambobin da jika ne, wato dubun sefa. Wata na farko zan fara da 1,800 a hannu, 13,200 za su shigo, 12,700 za su fita, in rufe da 2,300. Wata na biyu in rufe da 3,500. A ido komai lafiya. Amma bara ma haka lissafin ya nuna, kuma da idona na ga mota ta tsaya ƙofar mangaza da buhunan sukari, ban da abin biya. Sai da na zagaya wajen mutum uku kafin la'asar. Ba na son in sake wannan zagayen. Ina ne ban iya karantawa ba?

Laminu Zariya: Wa alaikumus salam. Yaya Sani, in kuɗi suna yanke maka, ai faɗuwa kake yi ba ka sani ba. Ka ƙara dala ashirin ashirin a kan kwalin taliya da galan na mai, ka ga ko ba za ta gyaru ba.

Sani Mai Shinkafa: Laminu ba faɗuwa ba ce. Mun ƙirga kaya da bashi ƙarshen shekara, jarin ya ƙaru. Riba akwai. Kuɗin ne ba sa nan ranar da ake nemansu.

Alhaji Na-Allah: Sani, shekara talatin da wani abu ina kasuwar ga, ban taɓa rubuta abin da za ya faru wata mai zuwa ba. Gobe ta Allah ce. Kuma ɗan kasuwa in mangazatai cike take, ba a cewa ba shi da kuɗɗi. Kaya kuɗɗi ne.

Malam Isuhu Kwantabul: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Gobe ta Allah ce, ba musu, shi ya sa ake kiran abin hasashe. Amma ranar da mai shinkafa zai kira Sani ba gaibu ba ce, su biyun suka yanke ta. Kuma kaya kuɗi ne ranar da aka saye su, direban da ya kawo sukari kuwa ba ya karɓar taliya a madadin kuɗin mota.

Sani, matsalar tablonka ɗaya ce babba: na wata ne. Ya tara duk abin da zai shigo cikin kwana talatin, ya tara duk abin da zai fita, ya nuna maka ranar ƙarshe kawai. Kamar mutum ne ya auna ruwan gulbi a bakin gaɓa nan da bakin gaɓa can, ya ce ai iya gwiwa ne, bai taka tsakiya ba. Turo min abubuwa uku: cinikin hannu da hannu na kowane sati, su wa kake bi bashi da ranar da kowa zai biya, sai manyan biyan da ke kanka da ranakunsu.

Sani Mai Shinkafa: To Malam. Cinikin hannu kusan 2,400 duk sati. Bashin da zan karɓo daga masu butik na Tibiri, Madarunfa da Gidan Runji: 400 satin farko, sannan 500 a kowane sati cikin ukun da suka rage. A sati na huɗu kuma akwai wata makarantar kwana mai zaman kanta da na ba shinkafa da mai, 1,700, sun ce ƙarshen wata.

Fita kuma: duk sati ina sayen ƙananan kaya na 1,000, taliya, tumatirin gwangwani, magi da sauransu. Cefanen gida da dako da ƴan amalanke 200 duk sati. Mai shinkafa na Yamai yana bina 4,500, wa'adin ya cika sati na biyu. Sukari da man azumi 3,000, kuɗi hannu, sati na uku. Albashin yaran shago da faktirin wuta 400, sati na huɗu.

Malam Isuhu Kwantabul: Madalla. Ban ƙara ko dala ba, ban rage ba, lambobinka ne na raba sati-sati. Abin da ya rage ƙarshen kowane sati shi ne farkon na gaba.

Sati 1: farawa 1,800, shiga 2,800, fita 1,200, saura 3,400
Sati 2: farawa 3,400, shiga 2,900, fita 5,700, saura 600
Sati 3: farawa 600, shiga 2,900, fita 4,200, saura -700
Sati 4: farawa -700, shiga 4,600, fita 1,600, saura 2,300

Ka ga 2,300 ɗin Abdul-Azizu tana nan daram, bai yi kuskuren lissafi ba. Amma kafin ka isa wajenta sai ka bi ta sati na uku, kuma a can akwai giɓin jika 700. A takarda ana iya rubuta -700 a wuce. A kasuwa babu wani abu wai ƙasa da sifili a cikin kes, ma'anarsa kawai akwai wanda ba za a biya ba ranar nan. Motarka ta bara ke nan.

Don haka in an miƙo maka irin wannan tablo, kada idonka ya fara zuwa layin jimilla ko rukunin ƙarshe. Ka ɗora yatsa a layin saura, ka bi shi daga hagu zuwa dama, ka nemo lamba mafi ƙanƙanta. Ka tambaye ta abu uku: wane sati ce, zurfinta nawa, kuma sati nawa za a yi kafin a fito. Taka: sati na uku, 700, sati ɗaya.

Abdul-Azizu: Kawu, Malam yana da gaskiya. A makaranta wata-wata aka koya mana, da shekara guda a shafi ɗaya, shi ya sa na yi haka. Yanzu na buɗe wani shafi a Excel, sati takwas daga rukunin B zuwa I. Layi na 2 farawa, na 3 shiga, na 4 fita, na 5 saura.

```
B5: =B2+B3-B4
C2: =B5
K5: =MIN(B5:I5)
```

Na ja biyun farko har I. Na ukun yana fitar da lamba mafi ƙanƙanta da kansa, na kuma sa duk gidan da ya sauka ƙasa da sifili ya koma ja.

Malam Isuhu Kwantabul: Da kyau ɗana. Na wata-wata bai ɓaci ba, shi ne banki ke nema in ana maganar shekara. Amma na gudanar da shago shi ne na sati. Wanda ba shi da kwamfuta ma, littafin ƴan makaranta mai layi ya ishe shi, layi huɗu ne.

Hajiya Rakiya Mai Kaji: Sannunku da ƙoƙari. Ni wannan magana ta taɓa ni sosai. Shekarar da ta wuce na zuba ƴan tsaki 500 na nama don ƙaramar salla. Na yi lissafi a dunƙule: kuɗin tsaki kaza, abinci kaza, rigakafi kaza, sayarwa kaza, riba mai kyau. Abin da ban kula ba, kajin nan ba sa cin abinci daidai duk sati. Satin farko buhu kaɗan ya ishe su, amma sati biyun ƙarshe suna cin fiye da rabin abincin gaba ɗaya, kuma har lokacin ko kaza ɗaya ban sayar ba. Kwana goma kafin salla na shiga ɗakin ajiya na tarar da buhu biyu, jaka ba kuɗi. Kaji ba sa jiran a yi musu haƙuri, da safe in ka shiga sun taru jikin mazubi suna kuka. Dole na kira wani mai gashi ya ɗebi 100 da ba su gama nauyi ba, a farashin da ya ga dama, don in ciyar da sauran 400. Da na ga ramin nan tun ranar da na zuba su, da 400 zan zuba tun farko.

Alhaji Na-Allah: Hajiya, Allah shi mayar da alheri. To amma Isuhu, 700 mi a ciki? Sani ba yaro ba ne a kasuwa. Shi ɗaga waya, ni kaina ina ba shi 700 na kwana bakwai. Da haka muka taso, yau gare ka gobe ga ɗan'uwanka. Ba sai an yi takarda ba.

Malam Isuhu Kwantabul: Alhaji, wannan zumuncin shi ya riƙe kasuwar Maradi, kuma ban raina shi ba. Sai dai abu biyu. Sati biyu kafin azumi, duk wanda Sani zai kira shi ma yana tara kuɗin nasa sukarin, lokacin da kowa ke nema ke nan. Wanda ya zo maka yau ya ce ranar kaza zan buƙaci kaza, in mayar ranar kaza, ba ɗaya yake da wanda ya zo a guje mota na jiransa ba. Na biyu, ban yarda 700 ce ba tukuna. Sani, ina da tambayoyi. 1,800 ɗin da ka ce kana da su, duk naka ne, kuma duk sefa ne da za ka iya miƙawa gobe?

Sani Mai Shinkafa: Gaskiya akwai 300 a ciki na wani maƙwabcina mai ɗinki, ajiya ya ba ni. Ya ce sai ya tashi sayen yadin salla. Sauran nawa ne, wasu a kes, wasu a Nita, kamfanin aika kuɗi.

Malam Isuhu Kwantabul: To tela yaushe yake sayen yadin salla? Kafin azumi ko farkonsa. Wato daidai satin da kake cikin rami zai zo. Cire 300 ɗin daga farawa, ko ka rubuta su a fita sati na uku. Giɓin ya koma 1,000.

Tambaya ta biyu, 4,500 na mai shinkafa, wace rana ce a cikin sati na biyu?

Sani Mai Shinkafa: Talata.

Malam Isuhu Kwantabul: Kuma 2,900 da muka ce za su shigo satin nan, nawa ne za su iso hannunka kafin Talata da safe?

Sani Mai Shinkafa: Litinin ranar kasuwa ce, nakan yi kamar 800. Mafi yawa sai Juma'a, masu butik na ƙauye ma ranar Juma'a suke kawo nasu.

Malam Isuhu Kwantabul: To duba. Ka shiga sati na biyu da 3,400, Litinin ta ba ka 800, ya zama 4,200. Talata ana neman 4,500. Ka gaza da 300, kuma har da kuɗin tela a cikin abin da ka ƙirga. Tablon sati ya ce satin ya ƙare da 600, gaskiya ne, amma ranar Juma'a da yamma ke nan. Abin da tablon wata ya yi maka, na sati ma yana iya yi in akwai babban biya guda ɗaya. Ba wai a koma rubuta kowace rana ba, wannan wahala ce marar amfani. Amma duk satin da biya ɗaya ya fi abin da ka shiga satin da shi, ka raba wannan satin kwana-kwana. Wato ba sati na uku matsalarka za ta fara ba, Talatar sati na biyu ce, kwana tara daga yau.

Sani Mai Shinkafa: Innalillahi. Wannan kam ban gan ta ba ko kaɗan. Ni ina ta kallon sukari.

Laminu Zariya: Shi ya sa ni ba na ba da bashi. Yaya Sani kana bin mutane 3,600 a wata ɗaya, kana kuma neman 300. Ka daina ba da bashi kawai, magana ta ƙare.

Zainabu Ali Ɗan Tsoho: Laminu kai katin waya kake sayarwa, sari daban ne. Mai butik na Tibiri in ka hana shi kaya na sati biyu, shagon gaba zai shiga, kuma ba zai dawo ba. Ni ina ba wa masu abinci man gyaɗa bashi, da shi nake riƙe su. Abin da nake so in tambayi Malam Isuhu shi ne maganar makarantar nan. Ni na taɓa kai wa irinsu kaya. Sun ce ƙarshen wata, sai da aka yi wata biyu da rabi, wai iyayen yara ba su gama biyan kuɗin makaranta ba. A tablo ina ake rubuta irin wannan kuɗi?

Malam Isuhu Kwantabul: Tambayar da ta fi kowace ke nan, Malama Zainabu. Ba a rubuta bashi a ranar da mai shi ya yi alkawari, a ranar da ya saba biya ake rubutawa. Sani, buɗe littafinka, sau nawa ka ba makarantar nan kaya, kuma bayan kwana nawa suka biya kowane karo?

Sani Mai Shinkafa: Sau uku. Na farko sun biya kan lokaci. Na biyu sun ƙara kwana 12. Na uku kwana 20, kuma kashi biyu suka biya.

Malam Isuhu Kwantabul: To kowane karo jinkirin ƙaruwa yake. Ba zan ce ba za su biya ba, amma ni ba zan rubuta 1,700 ɗin a sati na huɗu ba, sati na bakwai zan kai su. In sun zo da wuri, alhamdu lillahi. In ka cire su daga sati na huɗu, shiga ta zama 2,900, saura ta zama 600 maimakon 2,300. In ka mayar wa tela nasa, 300. Ka ga duk fitowarka daga ramin a kan mutum ɗaya ta rataya. Wannan ma wani abu ne da ake dubawa: bayan ka samo lamba mafi ƙanƙanta, ka duba me ya fitar da kai daga cikinta. In ciniki ne na mutum ɗari, da sauƙi. In alkawarin mutum ɗaya ne, ba ka fito ba tukuna.

Ƙa'idar da nake bi: kuɗin da za su fita in sa su a ranar da ta fi kusa, waɗanda za su shigo in sa su a ranar da ta fi nisa. Kuma duk bashi ya kasance da rana a rubuce. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi zuwa ajali ambatacce take. Bashin da ba shi da rana ba shi da gidan da za a sa shi a tablo.

Alhaji Na-Allah: Wagga magana ta rubuta bashi na yarda da ita, ita ce addini ma. Amma in ka bi ta Isuhu, kowa ka ɗauke shi maƙaryaci, kowane ciniki ka rage shi, to tsoro za ya hana ka sayen kaya. Wanda ya ƙi cika mangaza kahin azumi don takarda ta yi ja, shi ka kallon maƙwabta suna cin kasuwa. Sukari ba ya ruɓa. Na ga mutane da yawa da taka-tsantsan ya talauta.

Malam Isuhu Kwantabul: A nan Alhaji yana da gaskiya rabi da rabi, har ma fiye. Ja a tablo ba ya cewa kada ka saya. Cewa yake in za ka saya ranar kaza, kuɗin kaza ba su nan, ka san inda za su fito. Wani lokaci ribar sukarin ta isa a shiga ramin da ido buɗe. Wanda ya ƙi saye don tsoro shi ma bai iya karanta tablon ba.

Mamman Ɗan Isa: Ni abin da ke damuna da waɗannan lissafe-lissafen, ba su san iyaka ba. Watan Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. A 2023 bayan juyin mulkin Yuli aka sake rufewa, har Maris 2024. Wane tablo ne ya gaya wa wani? Mu da ke nan bakin iyaka da safe muka tashi muka ga motoci a jere. Ga kuma naira, ka karɓe ta yau, kafin ka kai wa ɗan canji ta rage daraja. Da yawa cikin masu sayen kayan Maradi daga Jibiya da Katsina suke zuwa.

Abdul-Azizu: Baba Mamman, tablo ba zai faɗi ranar rufe iyaka ba. Amma ana iya tambayarsa in ciniki ya ragu me zai faru. Yanzu na gwada: na rage cinikin hannu da kashi 10 cikin 100, wato 240 duk sati. Sati uku ya zama 720. Giɓin sati na uku ya tashi daga 700 zuwa 1,420, da kuɗin tela 1,720.

Malam Isuhu Kwantabul: Haka ake yi, sai dai ka ɗan tsananta. In ciniki ya ragu, sayen ƙananan kayan nan na 1,000 ma zai ragu, tunda abin da bai fita ba ba a maye gurbinsa. Don haka gaskiyar tana tsakanin 1,000 da 1,700. Amma ka ga amfanin gwajin: ragin da Sani ba zai ma ji shi a jikinsa ba ranar kasuwa, 240 a sati, ya kusa ninka ramin. Dalili kuwa manyan biyan nan biyu ba sa raguwa don ciniki ya ragu.

Maganar naira, Malam Mamman, abin da nake gaya wa masu karɓarta: kada a rubuta ta a layin farawa da farashin ranar da aka karɓa. A rubuta abin da ɗan canji zai ba ka yau in ka kai masa, ko kuma a ware mata nata layin in da ita za ka sayo kaya Kano. Mai shinkafa na Yamai sefa yake jira.

Mamman Ɗan Isa: Kashi 10 ba komai ba ne. Lokacin rufewar nan wasu rabin cinikinsu ya tafi.

Malam Isuhu Kwantabul: Gaskiya ne, kuma irin wannan ba shagon da ke da ajiyar da za ta tare shi. Abin da kawai tablon zai ba ka ranar shi ne sati nawa kake da su kafin kes ya bushe, don ka san wa za ka fara kira.

Hajiya Rakiya Mai Kaji: To Malam, sifili ne layin haɗari? Don ni ko tablo ya nuna min saura jika 50 hankalina ba zai kwanta ba. Yaro ya yi zazzaɓi, ko inji ya lalace, shi ke nan.

Malam Isuhu Kwantabul: A'a Hajiya, kowa ya ja nasa layin sama da sifili. Ga Sani ni zan ce 500, duk satin da saura ta sauka ƙasa da haka ya ɗauke shi kamar ja. Abdul-Azizu, canza sharaɗin launin daga 0 zuwa 500.

Zainabu Ali Ɗan Tsoho: 500 ta yi kaɗan ga mai fitar da 1,200 duk sati ko ba a yi komai ba. Ni zan ce kuɗin sati guda cur.

Alhaji Na-Allah: Jika dubu da ɗari biyu kwance cikin kes ba su aikin komi, kusa ga azumi? Buhu nawa ke nan? A'a.

Sani Mai Shinkafa: Wannan sai na yi tunani. Yanzu dai me zan yi da Talata da kuma sati na uku?

Malam Isuhu Kwantabul: Tunda ramin na lokaci ne ba na faɗuwa ba, maganinsa matsar da ranaku. Ka duba manyan lambobi biyu da suka haƙa shi. Ko ka kira mai shinkafa yau, ba ranar Litinin da dare ba, ka ce za ka ba shi 3,000 Talata, 1,500 sati na huɗu. Da haka sati na biyu zai rufe da 2,100, na uku da 800. Ko ka raba sukarin biyu, 1,500 sati na uku, 1,500 na huɗu, shi ma sati na uku zai rufe da 800, amma wannan bai warware Talata ba, kuma kana iya biyan kuɗin mota sau biyu, farashi ma yana iya motsawa in azumi ya matso. Ni na farkon zan fara gwadawa, tunda ba ya cin ko dala in mutumin ya yarda. Ka kuma je makarantar nan da ƙafarka wannan satin, ka nemi ko rabi ne a sa masa rana.

Abu ɗaya kada ka yi: kada ka rage ƙananan kayan da ke kawo cinikin yau da kullum don cike ramin. In taliya da magi suka yanke, 2,400 ɗin ma ba za ta shigo ba.

Kuma ban ga hayar shago a jerinka ba, ban ga lanho ba.

Sani Mai Shinkafa: Haya wata uku-uku nake biya, 300, tana faɗowa sati na biyar. Na manta da ita sam, saboda ba kowane wata take zuwa ba. Abdul-Azizu ka sa ta.

Abdul-Azizu: Na sa, Kawu. Akwai kuma wata shinkafar 4,500 a sati na shida, ta lodin da zai iso satin nan.

Sani Mai Shinkafa: Jama'a barkanmu da Juma'a, na dawo da bayani. Na kira mutumin Yamai tun ranar. Bai yarda da 3,000 ba, ya ce 3,500 Talata, 1,000 sati na huɗu, kuma ya ce don na faɗa da wuri ne. Satin farko ya ƙare, cinikin hannu 2,150 ya yi, ba 2,400 ba. Bashin 400 ya shigo cif. Na rufe da 3,150 maimakon 3,400.

Malam Isuhu Kwantabul: To yanzu a goge hasashen satin farko a sa abin da ya faru, a ƙara sati ɗaya a can ƙarshe don kullum ka riƙa ganin takwas a gabanka. Duk Juma'a da yamma haka za ka yi, bayan ka ƙirga kes da hannunka. In abin da ke kes bai yi daidai da layin saura ba, akwai fitar da ba a rubutawa, ka nemo ta kafin ka ci gaba.

Da sabbin lambobin: Talata kana da 3,150 da 800 na Litinin, 3,950, ka biya 3,500, ta wuce. Sati na biyu zai rufe da 1,350. Sati na uku in ka sayi sukarin 3,000 gaba ɗaya, saura 50, kuma kuɗin tela na ciki. Bai sauka ƙasa da sifili ba, amma rami ne.

Sani Mai Shinkafa: Na gani. Na yanke zan ɗauki na 2,000 sati na uku, in rufe da 1,050. Sauran 1,000 sai na ga abin da makaranta ta yi. Na je wajensu, mai kula da kuɗin ya ce zai kira ni, bai ba ni rana ba.

Alhaji Na-Allah: Sani ɗauki sukarinka duka. Dubun nan ni ina ba ka, ka maido bayan sati biyu cikin azumi. Kada ka bari farashi shi tashi kana kallo.

Malam Isuhu Kwantabul: Allah ya saka wa Alhaji. Sani, in za ka karɓa, rubuta 1,000 a shiga sati na uku, ka rubuta 1,000 a fita ranar mayarwa. Sati biyu cikin azumi shi ne sati na shida, satin shinkafar 4,500. Abdul-Azizu, sa su a tablon ba tare da kuɗin makaranta ba, ka turo mana layin saura daga sati na huɗu zuwa na bakwai kafin Kawunka ya amsa wa Alhaji.

Abdul-Azizu: To Malam. Amma cinikin azumi nawa zan sa a sati na biyar da na shida? Kawu ya ce 3,200, littafin bara kuma da na duba 2,900 ya nuna a satin farkon azumi.

Zainabu Ali Ɗan Tsoho: Sa na littafin.

Alhaji Na-Allah: Bara kaya ba su yi tsadar bana ba. Sa 3,200.

Abdul-Azizu: Bari in yi duka biyun, in turo bayan sallar isha.